Injin Casa a Sara: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Haƙa Harsashi

Bayan ƙaramar Salla da ta wuce, wani tsohon ɗalibina ya same ni a ofis riƙe da takarda mai shafi biyu. Ɗan asalin Sara ne, a Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, garin da duk mai harkar hatsi a yankin Birnin Kudu ya san kasuwarsa. Ya ce kawunsa, wanda ya daɗe yana saye da sayar da hatsi, yana son ya janye naira miliyan 12 daga jarinsa ya kafa injin casar shinkafa a bakin gari.

"Malam, mun buga lissafi," in ji shi. "A shekara biyar injin zai kawo miliyan 20. In aka cire miliyan 12, ribar miliyan 8 ke nan. Kawu ya ce in kawo maka ka duba, amma ni ban ga abin dubawa ba."

Na karɓi takardar na karanta. Babu kuskure a tarawa, babu kuskure a ɗebewa. Matsalar tana wani wuri dabam: an tara nairar bana da nairar shekara biyar masu zuwa kamar nauyinsu ɗaya ne. Wannan kuskure ba na ɗalibina kaɗai ba ne. Ana samun sa a takardun ƙungiyoyin gama-kai, da na matasa masu neman jari, har da na wasu hukumomi. Saboda haka na ga ya dace in baje lissafin a wannan shafi. Na daidaita alƙaluman domin sauƙin bi. Misali ne na koyarwa, ba farashin kasuwar Sara na wannan mako ba. Wanda zai yi aiki da hanyar sai ya sa nasa alƙaluman.

Ƙwai a baka

Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ɗan kasuwa ya san wannan tun kafin ya ji sunan jami'a. In ka ce masa ya zaɓi miliyan ɗaya yau ko miliyan ɗaya baɗi war haka, ba zai tsaya tunani ba. Dalili kuwa ba haɗama ba ce. Kuɗin da ke hannunsa yau zai iya juya shi, ya sayi gero ko riɗi, ya sayar, ya sake saye, ta yadda kafin baɗi ya haifi wani abu. Na baɗi kuwa yana zaune ne a bakin alƙawari, ba ya haihuwa, kuma alƙawari yana iya cika yana iya tashi.

Abin da masana harkar kuɗi suka ƙara a kan wannan sani shi ne awo. Suka ce: in jarin mutum yana haifar masa kashi 20 cikin ɗari a shekara, to naira 100 ta yau daidai take da naira 120 ta baɗi. In aka juya maganar, naira 120 ta baɗi ba ta wuce naira 100 ba a yau. Ke nan duk kuɗin da ake sa ran samu bayan shekara guda, sai a raba shi da 1.2 a ga ƙimarsa ta yau. Na bayan shekara biyu a raba shi da 1.2 sau biyu, wato da 1.44. Na shekara uku sau uku, haka har zuwa ƙarshe. Gwargwadon nisan kuɗi, gwargwadon yadda yake ƙanƙancewa, kamar yadda raƙumi ke komawa ɗan akuya a idon mai hange daga nesa.

Idan aka mayar da duk kuɗin da aiki zai kawo zuwa ƙimarsu ta yau, aka tara su, sannan aka cire abin da za a kashe wajen kafa aikin, abin da ya rage shi nake kira tsantsar ƙimar yanzu. A littattafan kasuwanci da na'urorin lissafi ana taƙaita sunanta da NPV. Hukuncinta a fili yake. In ta fi sifili, aikin ya fi abin da jarin yake yi a halin yanzu, a fara shi. In ta gaza sifili, barin kuɗin inda yake ya fi. In ta tsaya a sifili, an yi kunnen doki.

Tunanin ba sabo ba ne. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, kuma a littafinsa na shekarar 1202 akwai matsalolin kwatanta kuɗin da ake biya a lokuta daban-daban. Irving Fisher na Jami'ar Yale a Amurka shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar a tsare a littattafansa na 1907 da 1930, ya nuna cewa da ita ake zaɓa tsakanin ayyukan zuba jari.

Abin da ke shiga da abin da ke fita

Kafin a rage ƙimar komai, sai an fara tantance kuɗin da zai shiga da wanda zai fita a kowace shekara. Nan ne mafi yawan aikin yake, nan ne kuma aka fi yaudarar kai. Na nemi a haɗa ni da Alhajin ta waya, muka bi takardar layi-layi.

Kuɗin kafawa miliyan 12 ya kasu uku. Miliyan 8.5 na injin casa da injin tsince tsakuwa da injin dizal mai ja su. Miliyan 2.5 na rumfa da daɓen siminti da ɗakin ajiya. Miliyan 1 kuma jarin juyawa ne, wato kuɗin mai da buhuna da albashin farko, da bashin da abokan ciniki za su riƙe.

A shekarar da aiki ya kankama, ana sa ran casar buhu 5,000 na shanshera, kimanin buhu 20 a rana a kwanakin aiki 250. In ana karɓar naira 3,000 a kan kowane buhu, an sami miliyan 15. Dusa da ɓuntu za su kawo miliyan 1. Jimilla miliyan 16. Daga ciki man dizal zai ci miliyan 7, ma'aikata miliyan 3, gyara da canjin raga da bel miliyan 1.5, hayar fili rabin miliyan. Jimillar kashewa miliyan 12. Abin da ya rage a hannu miliyan 4 ne.

Da muka zo kan hayar fili, Alhaji ya dakatar da ni. "Malam, ai filin nawa ne. Wa zan biya haya?"

Na ce, "Alhaji, da ba ka sa inji a wurin ba, akwai mai karɓar sa haya?"

Ya ce akwai, har ma an taɓa yi masa tayin rabin miliyan a shekara. Na ce to wannan rabin miliyan injin ne ya cinye ta, dole a rubuta ta a kansa. Haka ma ɗansa da zai tsaya a wurin daga safe zuwa yamma: ko ba a ba shi albashi a hannu ba, sai an rubuta abin da za a biya bare in shi ne ya tsaya, domin yaron ya bar wani aikin ne ya zo nan. Duk abin da aiki ya hana ka samu, kashewa ce.

Akwai kuma akasin wannan. Alhaji ya riga ya kashe wasu kuɗi a tafiye-tafiye zuwa Kano wajen duba injuna da biyan wani makanike da ya raka shi. Ya so a sa su a lissafi, har yana cewa tunda an riga an kashe su, bai kamata a fasa ba. Na ce a cire su. Ko an kafa injin ko an fasa, waɗannan kuɗi sun tafi. Abin da ba zai canza ba saboda shawarar da za a yanke, ba shi da kujera a zaman yanke ta. Mutane da yawa sun nutse a aikin da ba shi da riba don kawai suna jin ciwon abin da suka riga suka zuba.

Daga ƙarshe muka tsayar da jerin kuɗin shekara biyar, wanda shi ne tsawon ran da muka ɗora wa injin kafin ya buƙaci canji. Shekarar farko miliyan 3, saboda mata masu turara shinkafa da 'yan kasuwa ba su saba da wurin ba tukuna. Shekara ta biyu da ta uku da ta huɗu miliyan huɗu-huɗu. Shekara ta biyar miliyan 3 daga aiki, saboda inji ya tsufa gyara ya yi yawa, sai a ƙara miliyan 1 na jarin juyawa da zai dawo, da miliyan 1 na sayar da tsohon inji da kwanon rumfa, ya zama miliyan 5. Jimilla miliyan 20, kamar yadda ɗalibina ya faɗa.

Awon kuɗin

Sai tambaya ta biyu: da wane kaso za a rage? Amsar tana cikin littafin cinikin Alhaji. Abin da jarinsa yake haifarwa a harkar hatsi, bayan an cire dako da ajiya da asara da ladan wahalarsa, shi ne abin da zai rasa in ya kwashe kuɗin ya sa a inji. Bari mu ɗauka kashi 20 cikin ɗari ne a shekara. Zan dawo kan yadda aka samo wannan adadi.

Miliyan 3 ta shekarar farko, in aka raba da 1.2, ta koma miliyan 2.50. Miliyan 4 ta shekara ta biyu, in aka raba da 1.44, ta koma miliyan 2.78. Ta shekara ta uku ta koma miliyan 2.31, ta huɗu miliyan 1.93. Miliyan 5 ta shekara ta biyar, wadda ta fi kowacce girma a ido, ba ta wuce miliyan 2.01 ba a yau. In aka tara su duka, an sami miliyan 11.53.

Ke nan Alhaji zai ba da miliyan 12 ya sayi abin da ƙimarsa ta yau miliyan 11.53 ce. Tsantsar ƙimar yanzu ta gaza sifili da kimanin naira 470,000. Ribar miliyan 8 da aka gani a takarda, ashe kallon kitse ake yi wa rogo.

A lura da ma'anar wannan sakamako, domin ana yawan fahimtarsa a karkace. Ba a ce injin zai ci uwar kuɗi ba. Zai mayar da miliyan 12 har da ƙari. Abin da aka ce shi ne, ƙarin bai kai wanda kuɗin zai haifar ba in an bar shi a hatsi. Da jarin Alhaji kashi 15 yake haifarwa, da ƙimar kuɗin shigar ta kai miliyan 13.04, aikin ya wuce sifili da kimanin miliyan ɗaya. Wurin da lissafin yake yin kunnen doki yana ɗan sama da kashi 18. Inji ɗaya ne, gari ɗaya ne, amma ya dace da mai kuɗin da ke kwance ba ya aiki sosai, bai dace da wanda jarinsa ke gudu ba.

Mai kwamfuta ko waya mai manhajar Excel zai iya samun wannan a layi guda. In ya rubuta kuɗin shekaru biyar a gidaje B2 zuwa B6, sai ya buga:

```
=NPV(20%,B2:B6)-12
```

Akwai tarko a nan. Manhajar tana ɗaukar adadin farko da aka ba ta a matsayin kuɗin ƙarshen shekarar farko. Wanda ya cusa miliyan 12 ta kafawa cikin jerin, ya sa an rage mata ƙima alhali yau za a kashe ta, an kuma tura kowane kuɗi gaba da shekara guda. Shi ya sa ake cire ta a waje.

Alhaji ya tambaye ni abin da kowane ɗan kasuwa yake tambaya: "To yaushe uwar kuɗina za ta dawo?" Amsar ita ce shekara uku da wata uku, kuma tambaya ce mai amfani ga wanda yake tsoron kuɗinsa ya maƙale. Sai dai wannan ma'auni yana da makanta biyu. Ba ya bambance nairar farko da ta ƙarshe, kuma ba ya ganin komai bayan ranar da uwar kuɗi ta dawo. Aikin da ya mayar da kuɗi a shekara biyu sannan ya mutu zai yi nasara a kansa fiye da wanda ya mayar a shekara huɗu ya ci gaba da bayarwa shekara ashirin.

Tarkon hauhawar farashi

A Najeriya ta yau, wurin da wannan lissafi ya fi karyewa shi ne hauhawar farashi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na wannan shekara. A irin wannan yanayi, kuɗi yana iya ƙaruwa a lamba yana raguwa a buhu.

Ga yadda muka samo kashi 20 ɗin. A ce jarin Alhaji na miliyan 10 ya zama miliyan 15 a shekara. A ido ribar kashi 50 ce. Amma in farashin kaya ya hau da kashi 25 a wannan tsakani, buhun da ya saya 100 ya koma 125. Sai a raba 1.5 da 1.25, a sami 1.2. Ma'ana, in da jarinsa yana sayen buhu 100 bara, bana zai sayi buhu 120. Ribarsa ta gaskiya kashi 20 ce. Ragowar kumburi ne ba ƙiba ba.

Ƙa'idar ita ce a auna da mudu ɗaya. Jerin kuɗin da muka tsara a sama duk da farashin yau aka rubuta shi: kuɗin casa 3,000 daga shekarar farko har ta biyar, dizal ma haka. Saboda haka dole a rage shi da kason da aka tace daga hauhawa, wato 20. Wanda ya fi son ya rubuta farashin da yake hasashe na kowace shekara yana da dama. In farashi na hawa da kashi 25, jerin zai zama miliyan 3.75, da 6.25, da 7.81, da 9.77, da 15.26. Amma sai ya rage shi da kashi 50, kuma zai dawo kan miliyan 11.53 ɗin nan dai.

Ɓarna tana zuwa ne in aka gauraya. Wanda ya kumbura kuɗin shiga da hauhawa sannan ya rage da kashi 20, zai ga aikin ya wuce sifili da kusan miliyan 11, ribar da babu ita ko a mafarki. Wanda kuma ya bar kuɗin shiga a farashin yau ya rage da kashi 50, zai kashe aikin da ya cancanci rayuwa. Hanyar gane wannan a takardar da aka kawo maka mai sauƙi ce: duba ko farashin kaya yana hawa daga shekara zuwa shekara a jerin, sannan ka tambayi ko kason ragewar yana ɗauke da hauhawa. In amsoshin biyu ba su dace ba, a mayar da takardar. Wata alamar ita ce a ga kuɗin shiga yana hawa, amma kuɗin mai da albashi suna tsaye wuri ɗaya shekara biyar.

Shin wannan ba riba ba ce?

Na san mai karatu zai yi wannan tambaya, domin ɗalibai suna yi mini ita kowace shekara, kuma Alhaji ma ya yi. Fatawa ta malaman fiƙihu ce. Abin da zan iya bayyanawa shi ne abin da lissafin yake yi. A cikinsa babu mai ba da bashi, babu mai karɓa, babu wanda aka ɗora wa ƙari. Mutum ne yake kwatanta sana'o'i biyu da kuɗinsa: hatsi ko inji. Kason ragewa ma'auni ne na ribar ciniki da zai bari, kamar yadda mudu yake auna hatsi ba tare da ya ci ko ƙwaya ba.

Sanannen abu ne kuma cewa mafi yawan malaman mazhabobi sun halatta a sayar da kaya a farashin jinkiri da ya fi na hannu, muddin an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki. A kan irin wannan ciniki bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke gudanar da murabaha, kamar Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, ya zo da kuɗin haya na kashi 16.47 a shekara. Wanda ba shi da wata sana'ar da zai kwatanta da ita yana iya ɗaukar irin wannan kaso na sukuk a matsayin mafari, ya tuna cewa yana ɗauke da hauhawa a cikinsa, sannan ya ƙara wani abu a kai, domin injin casa ya fi takardar gwamnati haɗari.

Girgiza alƙaluman

Gibin naira 470,000 a aikin miliyan 12 ƙarami ne, kuma duk alƙaluman hasashe ne. Saboda haka ba a tsayawa a amsa guda. Ana ɗaukar kowane adadi a girgiza shi, a ga wanne ne yake riƙe da ran aikin.

Mu fara da yawan aiki. Kowane ƙarin buhu yana kawo naira 3,000 na casa da 200 na dusa, yana cin 1,400 na dizal da 300 na lalacewar kaya. Saura 1,500. In aka sami ƙarin buhu 500 a shekara, wato buhu biyu kacal a rana, an ƙara naira 750,000 a kowace shekara, wanda ƙimarsa ta yau a tsawon shekara biyar ta kai miliyan 2.24. Aikin ya tashi daga ƙasa da sifili zuwa sama da shi da miliyan 1.77. Hasali ma ƙarin buhu 105 a shekara ya isa ya cike gibin. Amma takobin kaifi biyu ne da shi: in wani ya kafa inji a kusa ya janye buhu biyu a rana, gibin zai kai miliyan 2.7.

Sai dizal. In farashinsa ya zarce na sauran kaya da kashi 10, kuma gasa ta hana a ƙara kuɗin casa, an rasa naira 700,000 a shekara, gibin ya haura miliyan 2.5.

Na uku shi ne jinkiri, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. A ce an biya kuɗi yau, amma inji bai iso ba, ko ya iso an rasa mai haɗa shi, har kakar bana ta wuce. Ko kwabo ba a sace ba, kuma duk miliyan 20 za ta shigo. Sai dai kowane kuɗi ya matsa gaba da shekara guda, ƙimarsu ta sauka daga miliyan 11.53 zuwa 9.61. Jinkirin shekara guda ya ci kusan miliyan biyu. Duk wanda ya fahimci wannan zai kalli gine-ginen da aka fara aka yasar a garuruwanmu da wani ido dabam.

Wannan girgizawa ita ce ta canza hirarmu da Alhaji. Muka bar maganar ko injin yana da riba, muka koma kan tambayoyi uku da za a iya bincikawa da ƙafa. Buhu nawa ake casa a rana a injunan da ke aiki yanzu a Sara da kewaye, lokacin kaka da kuma tsakiyar damina sa'ad da shanshera ke ƙaranci? Ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa nawa ne za su yi alƙawarin kawo kayansu? Kuma mai sayar da injin zai yarda a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya haɗa shi ya tashi kafin kaka?

Inda ma'aunin ya tsaya

Tsantsar ƙimar yanzu ba ta ganin abin da ba a sa masa farashi ba. Samarin da za su sami aiki, da matan da za su huta da ɗaukar kaya zuwa nesa, ba su bayyana a miliyan 11.53 ba. Alhaji yana iya cewa ya yarda ya yafe naira 470,000 domin ɗansa ya sami sana'a a gida maimakon ci-rani. Wannan zaɓi ne mai mutunci. Amfanin lissafin shi ne ya yi zaɓin da ido buɗe, ya san nawa ya biya.

A ayyukan gwamnati kamar rijiyar burtsatse ko hanyar karkara, ana amfani da wannan hanya, sai dai ana ƙiyasta amfanin jama'a da kuɗi, kuma ana rage shi da ƙaramin kaso. Baitulmalin Birtaniya, alal misali, yana amfani da kashi 3.5. Dalili shi ne babban kaso yana shafe nesa: a kashi 20, naira 100 ta bayan shekara ashirin ba ta kai naira 3 ba a yau. Da mudun ɗan kasuwa za a auna dashen itatuwa ko ginin makaranta, da ba a yi ko ɗaya ba.

Haka kuma ma'aunin yana tambaya ne ko a fara yau ko a bari, alhali sau da yawa akwai hanya ta uku, wato a jira a ƙara sani, ko a fara da ƙarami. Rumfar siminti in an gina ta ba ta komawa kuɗi, amma buhun gero yana komawa kuɗi a ranar kasuwa guda. Idan lissafi ya tsaya kusa da sifili, kuma aikin irin wanda ba a iya janyewa ne, jira yana da daraja.

Da muka yi sallama, Alhaji ya ce zai tura ɗalibin nawa ya zauna a bakin injuna biyu na yankin har tsawon wata guda yana ƙirga buhuna, sannan ya sake ƙirgawa in damina ta yi nisa. In adadin ya nuna za a iya samun buhu 22 a rana ba tare da karya farashi ba, zai sayi inji. In bai kai 20 ba, kuɗinsa yana nan a hatsi.

"Malam," in ji shi, "ashe ba kai za ka gaya mini in yi ko in bari ba."

Na ce, "A'a, Alhaji. Buhunan ne za su gaya maka."